Guzurin Ranar Kare Aiki

Mu biyar muka yi binciken ruwan rijiyoyin Dukawuya, unguwar da ke daf da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Rahotonmu shafi 64 ne, amma minti 10 kacal aka ba mu a gaban malamai, kuma maki ɗaya za a ba mu duka. Ni aka ɗora wa shirya shafukan majigi a PowerPoint.

Ban bi rahoton babi-babi ba. Shafi takwas na yi, kowanne da magana ɗaya tak. Maimakon "Sakamako", kan shafi na biyar cewa ya yi: "Rijiyoyin da ke kusa da masai sun fi gurɓata."

Abin da na rage kuwa ban zubar ba. Muka zauna a zaure, kowa ya zama malami, yana laluben raunin aikin. Tambayoyi uku suka fito. Don me rijiya 12 kawai? Da rani aka ɗebi ruwan ko da damina? Yaya aka auna nisa? Kowace tambaya na yi mata shafinta, daga 9 zuwa 11, na ɓoye su da Hide Slide. Muka rubuta lambobin a takarda, da sunan mai amsawa.

Ran karewa, wani malami ya tambayi lokacin ɗibar ruwan. Na buga 10, na danna Enter, sai ga jadawalin: duk a Agusta ne. Mai amsawa ta ce, "Malam, sakamakonmu na damina ne kaɗai, bai shafi rani ba." Malam ya gyaɗa kai, ya wuce gaba.