Riyal 12 Da Ba Na Mai Kanti Ba

Har yau raina bai daina sosuwa ba idan na ga an ɗora haraji a kan shinkafa. A nan Jidda kashi 15 cikin ɗari ake karɓa na harajin VAT, kuma abinci bai tsira ba. Da kashi 5 aka fara a 2018, aka ninka shi sau uku a watan Yulin 2020. Mu da muke ta ƙorafi lokacin da namu na gida ya koma kashi 7.5, alhali an tsame abincin yau da gobe daga ciki, ashe gata ake yi mana.

Ina riƙe wa wani mai kantin kayan abinci lissafi, saboda haka harajin nan ta hannuna yake bi kullum. Farashin da aka liƙa a jikin kaya ya riga ya haɗa da haraji. A ce buhun shinkafa riyal 92 ne, mai saye ya miƙo 100, an ba shi canjin 8. A can gida da layi ɗaya ya wadatar: shinkafa, kaza, an biya. A nan cinikin gida uku yake shiga. Kuɗin da ke aljihun tebur sun ƙaru da 92. Ciniki ya ƙaru da 80 kacal. Ragowar 12 ana rubuta su a matsayin bashin da hukumar haraji, ZATCA, take bin kanti. Ajiya ce aka ba ka, ko da kuwa tana cakuɗe da kuɗinka.

Wajen fitar da 12 ɗin nan sababbin zuwa suke tuntuɓe. Sai mutum ya ɗauki kashi 15 na 92, ya sami 13.80, ya yi wa hukuma kyautar riyal ɗaya da halala 80 a kan kowane buhu. A kan 80 aka ɗora harajin, don haka sai a raba 92 gida 23 a ɗauki uku. Mai son tabbatarwa ya cire abin da ya samu daga farashin, ya duba ko kashi 15 na ragowar ya yi daidai da shi.

Kuma ba duka 12 ɗin za a miƙa ba. Buhun nan riyal 69 muka saro shi, 60 kuɗin kaya, 9 haraji. Idan lokacin biya ya yi, wanda ga ƙananan kantuna duk bayan wata uku ne, sai a cire 9 daga 12, a ba hukuma 3. Riba 20 ce, ba 23 da ido ke gani tsakanin sari da sayarwa ba. Sai dai 9 ɗin ba ta dawowa sai da rasit na haraji daga dila, mai ɗauke da lambar rajistarsa. Duk dilan da ya ce zai sassauta maka idan ka haƙura da rasit, yi lissafi kafin ka yi murna.

Abin da na fi kewa shi ne ragi. A gida tsohon abokin ciniki yakan ce "a yi mini alheri", ka sauke masa wani abu, magana ta ƙare. A nan tun Disambar 2021 rasit na hannu ya daina aiki ga mai rajista, na'ura ce ke bugawa da tambarin QR a jiki, kuma wanda ya riga ya fita ba a goge shi. Idan maigida ya karɓi 90 bayan na'ura ta buga 92, da dare za a ga giɓin riyal 2, harajin kuma yana nan a 12 maimakon 11.74. Ragi sai an shigar da shi kafin a buga. Haka kayan da aka dawo da su, takarda ta daban ake fitarwa mai nuni da rasit na farko. Wani lokaci nakan ji wannan tsari ya kashe mutunci a ciniki. Amma da na tuna rigimar yaran shago da iyayen gidansu a kan kuɗin da ba wanda ya san inda suka bi, sai hassada ta kama ni.

Da dare a fara ware kuɗin canjin da aka buɗe kanti da su, sannan a ƙirga. In tsabar ciniki ta kama 2,300, to 300 na hukuma ne, 2,000 ciniki. Cinikin kati a bar shi gefe, banki ya tafi. Ni nakan sa a zuba 300 ɗin a wani asusu daban tun washegari, don mai kantin da ya saro kaya da su yakan gane kurensa ne a ƙarshen wata uku, sa'ad da shinkafa ta cika rumbu, hannu kuma babu abin biya.