Yadda na kusa cinye zakkar ₦225,000 ban sani ba

1/ Na daɗe ina cewa zakka ba ta hau kaina ba, ni da nake sayar da kayan waya a ɗan shago. Sai ranar da kawuna ya zaunar da ni da biro da takarda. Ku biyo ni, wataƙila wani ma haka yake. Na daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi.

2/ Abu uku nake da su: kuɗin kasuwa da nake tarawa a banki, sarƙar gwal da na saya na ajiye saboda faɗuwar naira, da hannun jari da nake saye ina sayarwa ta waya. Nisabi giram 85 ne na zinare tsantsa. A ce giram ₦100,000 ne, nisabi ya kama ₦8,500,000 ke nan.

3/ Ni kuwa ɗaya bayan ɗaya nake duba su, sai in ga babu wanda ya kai. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in haka ne ai kowa sai ya raba dukiyarsa gida uku ya huta." Kuɗi da zinare da kayan ciniki haɗa su ake yi, sannan a auna da nisabi.

4/ Muka fara da gwal. Sarƙar giram 40 ce, amma karat 21, tsantsa kuwa 24 ne. Sai ka ninka 40 da 21, ka raba da 24, ka samu giram 35. Kuɗinsa ₦3,500,000, da farashin ranar lissafi, ba abin da na biya lokacin saye ba.

5/ Na ce, "Kawu, ba an ce gwal ɗin ado ba shi da zakka ba?" Ya ce a mazhabar Malikiyya haka ne, in mace ta mallake shi don sakawa. Nawa kuwa yana ƙulle a akwati yana jiran farashi ya tashi. Siffarsa sarƙa, amma ajiyar dukiya ce.

6/ Sai kuɗin banki, ₦4,000,000. Akwai ₦500,000 da dila yake bina, lokacin biya ya yi, muka cire, saura ₦3,500,000. Kanta da shelf da janareta ba sa shiga, kayan aiki ne. Hajar sayarwa tana shiga, amma ni kayan shagon na dila ne, kamasho nake ci.

7/ Hannun jari ne ya fi ɗaukar mu lokaci, domin a nan niyya ce take raba hukunci. In ka saya don ka sayar da zarar ya tashi, haja ce kamar buhun shinkafa a shago. Farashin kasuwa na ranar za ka ɗauka gaba ɗaya. Na saya ₦1,400,000, ranar ya kai ₦2,000,000, shi muka rubuta.

8/ In kuwa ka riƙe ne don ribar da kamfani yake rabawa duk shekara, malaman zamani da yawa sun ce kasonka na kuɗi da haja da bashin da kamfanin yake bi za ka lissafa, ban da gini da injina. Ana ciro wannan daga rahoton kuɗin kamfanin na shekara.

9/ Ku ga bambancin. A ce kason nan rubu'i ne, ₦500,000 kawai zai shiga, jimillata ta tsaya ₦7,500,000, ƙasa da nisabin zinare. Wallahi zuciyata ta so in ce ni mai riƙewa ne. Kawu ya ce in buɗe tarihin cinikina. Sau shida na sayar a shekarar. Na yi shiru.

10/ Jimilla: 3,500,000 + 3,500,000 + 2,000,000 = ₦9,000,000. Ta haura nisabi. Zakka ɗaya cikin 40 ce, wato 2.5%, kuma a kan dukan kuɗin, ba rarar da ta haura nisabi ba. Raba da 40, ₦225,000.

11/ Saura shekara. Ni na ɗauka Ramadan ake jira. Ashe daga ranar da dukiya ta kai nisabi ake ƙirga shekarar Hijira. Da muka bi bayanan banki da rasit, tun Rajab na bara na kai, wata biyu ke nan haƙƙin mutane yana hannuna. Na sayar da wani ɓangare na hannun jarin na fitar a satin.

12/ Akwai malaman da suke auna kuɗi da nisabin azurfa, giram 595, wanda ya yi ƙasa sosai da na zinare. Ka tambayi malaminka wanne za ka bi, ka tsaya a kai, kada ka riƙa sauyawa don gudun biya. Ni dai na rubuta ranar Rajab ɗina a bangon shago. Allah ya karɓa mana.