Zuciya Tana Riƙe da Lissafin Shekarun Hawan Jini



Na'urar awon jini da ake ɗaura mana a kantin magani, abin da ke faruwa a wannan lokacin kaɗai take faɗa. Amma tun yaushe jinin ya hau? Wannan amsar tana jikin zuciya.

Ɗakin hagu na ƙasan zuciya shi ke tunkuɗa jini zuwa duk jiki. In jinin ya hau, kowane bugu sai ya yi da ƙarin ƙarfi, kusan sau dubu ɗari a rana. A hankali bangonsa ya yi kauri, kamar damtsen maƙeri. Wannan kaurin ne likitoci ke rubutawa LVH a takardar sakamako, kuma ba ya samuwa cikin sati ko wata.

Yayana, mai shekara 52, a nan Gwarimpa yake zaune. Da aka auna shi aka sami 168/102, sai ya ce ai gajiyar cunkoson hanya ce da rashin barci, jininsa bai taɓa hawa ba. Likita ya sa a yi masa gwajin zanen bugun zuciya, wanda ake manna wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Wutar lantarkin zuciya yake aunawa, kuma tsoka mai kauri takan ba da dogon zane. Wata ƙa'ida da aka daɗe ana amfani da ita ita ce a haɗa zurfin S a V1 da tsayin R a V5 ko V6. In jimlar ta kai milimita 35, ana zargin kauri. Ta Yaya 29 ce. Ya naɗe takardarsa yana murna.

Likita ya ce, “Alhaji, da sauran magana.” Ya bayyana mana cewa wutar sai ta ratsa kitse da huhu kafin ta iso fata, don haka a jikin mai ƙiba irin Yaya zanen yakan fito gajere ko da bangon ya yi kauri. Siririn saurayi kuwa, musamman baƙar fata, yana iya ba da dogon zane alhali lafiyarsa ƙalau. Wato zane mai kyau bai wanke zuciya ba.

Sai aka tura shi hoton zuciya, wanda ake kira eko. Irin sikanin masu juna biyu ne, babu allura, kuma kai tsaye yake auna bangon. Na namiji bai kamata ya wuce milimita 10 ba, na mace 9. Na Yaya 14 ne. Ana kuma lissafa nauyin tsokar gwargwadon girman jikin mutum: iyakar namiji 115, ta mace 95. Nasa 131.

Akwai wata lamba a takardar da ke ruɗar mutane, wato EF, kason jinin da ɗakin ke fitarwa a kowane bugu. Ta Yaya kashi 62 cikin ɗari ce, daidai take. Sai dai bango mai kauri ba ya sakewa sosai balle ɗakin ya cika da jini. Matsewa lafiya, cika ce matsalar. Nan ne muka gane dalilin hakin da yake yi in ya hau bene, wanda ya daɗe yana ɗora wa tsufa.

In aka ƙyale abin, daga baya ɗakin yakan buɗe ya raunana, ƙafafu su kumbura, bugu ya rikice, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru. Binciken da aka wallafa a 2012 kan marasa lafiya sama da dubu a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya.

Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne kaurin yana iya raguwa in jini ya sauka ya zauna a ƙasa, amma cikin watanni ko shekaru. An haɗa wa Yaya magani biyu, amlodifin da losatan, aka rage gishiri da dunƙulen miya a tukunya. Bayan shekara ɗaya da rabi awonsa ya zauna wajen 128/80, bangon ya dawo milimita 12.

Saboda haka duk wanda ya daɗe da hawan jini, aka ce zanensa ba matsala alhali yana haki, ya tambayi likitansa ko yana buƙatar eko. Kuma a adana takardar farko, don da ita za a gwada ta gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya.