Ƙarar babur ɗina

Shekara biyu na yi ina aiki a Birnin Kebbi, iyalina suna Argungu. Kowace Juma'a bayan La'asar nakan hau babur in kama hanya, in isa gida gab da Magariba. Salansar babur ɗin ta fashe, don haka tun daga bakin layi ake jin zuwana.

Ɗana na fari yana da shekara biyar a lokacin, kuma yana da ƙiriniya. Duk laifin da ya yi cikin mako sai a ce masa, "Bari babanka ya dawo." Ni kuwa da na kafe babur a zaure, kafin in sha ruwa an jero mini laifuffuka, sai in ɗauki tsumagiya. A ganina tarbiyya nake yi.

Wata Juma'a na shigo da tsarabar lemo, ba wanda ya kawo ƙara. Na tarar da yaron a bayan randa yana kyarma, wandonsa a jiƙe. Inna ta dube ni ta ce, "Kai, tun daga bakin layi yake haka. Da ya ji babur ɗinka jikinsa ke ɓari." Na kasa cin tuwo a daren nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan abu, na karanta shi a kwalejin horon malamai har na rubuta jarrabawa a kansa. Ivan Pavlov, masanin aikin jiki ɗan Rasha da ya sami kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa na zubar da yawu tun kafin abinci ya shiga bakinsu. Sai ya riƙa kunna wata na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo, jim kaɗan ya ba kare abinci. Da farko ƙarar ba ta sa yawu, kare dai ya ɗaga kunne. Bayan an maimaita sau da dama, ƙarar kaɗai ta isa. Ba a koya wa kare zubar da yawu don nama, haka aka halicce shi. Abin da ya koya shi ne ƙarar tana sanar da zuwan naman.

A gidana tsumagiya ce ke kawo tsoro ba tare da an koya ba. Ƙarar babur da can ba komai ba ce, har gudu yaron yake yi ya tarye ta. Ni na jera su, ƙara a gaba, duka a baya, mako bayan mako.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa babur, alhali kiran sallar Magariba ma yana zuwa daidai lokacin dukan. Amsar tana cikin gwajin Robert Rescorla na 1968 a kan ɓeraye: haɗuwar abu biyu a lokaci ɗaya ba ta isa ba, sai alamar ta zama mai ba da labari. Kiran salla yaron yana jin sa kullum, kwana shida ba abin da ke biyo baya. Babur ɗina kuwa sau ɗaya yake zuwa a mako, kuma kusan bai taɓa zuwa ba tare da duka ba. Inna ta ce da fari kowane ɗan acaɓa ya wuce sai ya zabura, daga baya ya daina kula su, sai mai fasasshiyar salansa kawai.

Na so in gyara salansar in huta, sai na ga ɓoye alamar ne kawai, tsoron yana nan. Irin wannan koyo yana lafawa ne idan alamar ta yi ta zuwa ba abin da ya biyo ta. Na roƙi mai ɗakina kada a sake kawo mini ƙara ranar Juma'a, kuma na ajiye tsumagiya. Wahalar ita ce yaron yana ɓuya tun kafin in shigo, wanda ya ɓuya kuwa ba zai ga cewa ba abin da ya faru ba. Sai Inna ta riƙa ɗora shi a cinyarta a tsakar gida idan lokacin ya yi. Nakan shigo in gaishe ta, in zauna nesa kaɗan, ba na ko miƙa masa hannu. Wajen Juma'a ta bakwai ya karɓi leda daga hannuna.

Sai aiki ya riƙe ni wata guda ban zo ba. Ranar da na dawo, ya sake shigewa bayan randa. Na ji kamar komai ya rushe, amma Pavlov ya ga haka a karnukansa: bayan hutu, abin da ya lafa yakan dawo, domin sabon koyo rufe tsohon yake yi, ba ya goge shi. Wannan karon Juma'a biyu ta isa.

Yanzu yana sakandare, babur ɗin ma na sayar tuntuni. Bara muna tafiya ni da shi bakin kogin Matan Fada, wani mai fasasshiyar salansa ya wuce mu. Yana cikin ba ni labari, na ga kafaɗarsa ta ɗan ɗaga, maganar ta tsaya, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.