Kafin ka kama haya a Anacha, tambayi famfo da mita

Mai karatu, idan neman abinci ya kai ka Anacha kana shirin ɗauko iyali, ga abin da na koya bayan na sha wuya.

Da na kama ɗaki biyu kusa da Kasuwar Ochanja, kuɗin haya kawai na tambaya. Na murɗa famfo, ruwa ya zo, na biya shekara. Ban san cewa gidaje da yawa a nan da rijiyar burtsatse suka dogara ba, ita kuwa sai da wuta take tura ruwa tanki. Sati na biyu da zuwan maiɗakina aka ɗauke wuta kwana uku. Tanki ya ƙafe, wayoyi suka mutu, muka koma sayen jarka a hannun ’yan garuwa ba mu san inda aka ɗebo ba. Kwana biyu ƙaramar ’yarmu ta kama gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Tun daga ranar ba ma shan ruwan jarka sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti guda, a rufe shi a mazubi mai tsafta. Ruwa garai-garai ma yana iya ɗauke da cuta, musamman idan rijiyar na dab da ramin masai. Don haka ka zagaya bayan gida ka duba da idonka. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: in babu wuta, wa ke tayar da janareto a cika tanki, kuma nawa ake karo-karo?

Sai mita. In ta kati ce, sayi wuta kaɗan tun kafin ka biya haya, ka karanta rasit. Ni sai daga baya na gano ana cire bashin wanda ya tashi a duk sayen da na yi. Tambayi kuma rukunin layin: Band A alƙawarinsa aƙalla awa 20 ne a rana, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba.

Layin waya kuwa, ba a rajistarsa sai da lambar NIN. In ka manta taka, danna *346# a layin da ka yi rajistarta da shi. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, domin ranar da aka rufe shi ba ka da ta cewa. Kafin ka zuba kuɗi a data ta wata guda, ari wayar maƙwabci ka gwada sabis ɗin a cikin ɗakin da daddare. Namu a tsakar gida cike yake, a uwar ɗaka babu ko ɗigo.

Yanzu duk lokacin da aka kawo wuta, ko da ƙarfe biyun dare ne, ganguna muke fara cikawa, sannan a sa caji.