Riga ɗaya, mata huɗu

Kafin ƙaramar Salla na ɗauki bashin jaka talatin a asusunmu na nan Tarka, na sayi yadi na ɗinka dogayen riguna shida iri ɗaya, masu aikin zare a wuya da maɓalli biyar. Sai hoton talla ya gagare ni. Wace matar aure za ta yarda a yi ta yawo da fuskarta a Watsap?

Ɗiyar yayata da ke karatu a Damagaram ta ce, "Inna, yanzu ba sai an sa ba." Akwai manhajar da ake ba hoton riga da hoton mace, ita ta zana rigar a jikinta. Ta ce in goge rigar, in rataye ta a farin bango, a inuwa, in ɗauka daga gaba sosai. Na farkon da na tura cikin rana na ɗauka, ruwan tokar ya koma fari, sai da na sake. Da wannan hoto guda ta yi aiki duk sau huɗun, don in an canza hoto launi ma canzawa yake. Matan kuma, waɗanda manhajar ce ta samar da su, duk a tsaye suke, hannu bai tare ƙirji ba.

Ashe manhajar ba manna rigar take ba, sabuwa take zanawa kowane karo. Da na zauna na ƙirga, a hoto na biyu maɓalli huɗu ne, a na uku furen wuya ya ƙara ganye. Ta yi ta sakewa har huɗun suka zo daidai da rigar da ke hannuna.

Abin da ban ƙirga ba shi ne tsawo. Rigata santimita 135 ce, amma a hoto ta sauka har idon sawun doguwa da gajera, ta zauna wa siririya da mai jiki cif. Rigar gaske ba ta yin haka. Wata baiwar Allah a Tanut, doguwa ce, ta saya a jaka takwas, ta tsaya mata a ƙwauri. Ta maido, ta kuma faɗa wa mutane na yi mata rufa-ido. Ban ga laifinta ba. Na mayar da kuɗinta, na biya mota, a makon da zan zuba kason farko na bashi. Sai da na sayar da zakaruna biyu.

Ban daina amfani da hotunan ba, don ko ba komai suna jawo masu tambaya. Amma yanzu ƙarƙashin kowane ina rubuta cewa na'ura ce ta ɗora rigar, in sa tsawo da faɗin ƙirji, in haɗa da hoton rigar a bango da awon tela a jikinta. Sauran biyar ɗin sun tafi, ba wadda ta dawo.