Daga ina tara take fitowa?

A littafin lissafin ɗan aji uku ko huɗu na firamare, shafin da ya fi shan goge-goge shi ne wanda aka ce a debe 347 daga 1000. Yaro ya iya aro: idan bakwai ba ta fita daga biyu, ya san zai leƙa gidan maƙwabci ya ɗauko ɗaya. To amma a nan maƙwabcin sifili ne, na gaba da shi ma sifili. Sai malam ya ce, "Ku soke ɗayan, ku rubuta tara, tara, goma." Yara su rubuta, amsa ta fito 653, kuma da wuya a samu wanda zai tambayi inda tarar ta fito.

Canji ne kawai ake yi. Mutum yana riƙe da takardar naira dubu guda ɗaya, ana bin sa 347. Ba yadda zai yi ya yagi takardar, dole ya fasa ta. Ya kai wa mai shago, a ba shi ɗari-ɗari guda goma. Har yanzu ba shi da abin biyan arba'in da bakwai, don haka ya miƙa ɗari guda a fasa masa zuwa goma-goma guda goma. Ɗari-ɗarin hannunsa sun koma tara. Saura bakwai ɗin nan: ya sake miƙa goma guda a ba shi naira ɗai-ɗai guda goma (mu ƙaddara har yanzu ana karɓarsu a kasuwa), goma-goman su ma sun koma tara. A ƙirga abin da ke hannunsa: ɗari tara, da casa'in, da goma. Dubu ce cif, ko kwabo bai ragu ba. Yanzu kowane gida yana da abin bayarwa. Bakwai daga goma saura uku, huɗu daga tara saura biyar, uku daga tara saura shida.

Ke nan kowane sifili na tsakiya goma ya fara zama, sannan ya miƙa ɗaya ga na damansa ya koma tara. Na ƙarshe ne kaɗai ya tsaya a goma, domin babu wani gida bayansa da zai roƙe shi.

Wanda bai ga wannan ba, kuskurensa yana da kamanni, kuma amsar da ya samu takan tona abin da ya yi. Idan ka ga 1347, yaron juya lissafin ya yi, ya debe sifili daga bakwai don ya fi sauƙi. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike, tunda ba a ɗiba daga abu ya ƙaru. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne 763, don yana kama da amsar gaskiya. Mai wannan amsa ya mai da kowane sifili goma, bai rage wa kowa komai ba. A sa shi ya haɗa 763 da 347, zai samu 1110. Rarar 110 ɗin nan ita ce ɗari guda da goma guda da ya fasa amma ya ci gaba da ƙirga su. In kuwa 753 ya samu, jimillar za ta ba da 1100, wato a gidan ɗaruruwa kaɗai ya manta. Ni a ganina wannan gwajin ya fi jan biro amfani, domin yana nuna wa yaro gidan da ya yi tuntuɓe.

Haddar "sifili ya zama tara" kuma tana da ranar da take ba da kunya. A gwada debe 347 daga 1050. Sifilin ƙarshe ya ara daga biyar, ya zama goma, saura uku. Biyar ta koma huɗu, huɗu daga huɗu babu saura, ba ta nemi komai a wurin kowa ba. Saboda haka sifilin gidan ɗaruruwa, idan ya karɓo daga dubu, goma zai tsaya, ya ba da bakwai. Amsa 703. Mai hadda zai rubuta tara a wurin, ya samu 603, ya yi asarar ɗari guda.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya gane. Dubu ai 999 ce da ɗaya. A ajiye ɗayan gefe, a debe 347 daga 999 ba tare da aro ko guda ba, a samu 652, a mayar da ɗayan. 'Yan kasuwa kuwa ba sa ma bi ta nan, sama suke hawa: uku ta kai mu 350, hamsin ta kai mu 400, ɗari shida ta cike dubu. Su miƙo canji suna cewa, "Ga ɗari shida da hamsin, Alhaji, ukun nan ka yafe."